Lisans ɗin Maraɗi a hannun mai ɗaukar aiki a Kano: yaya ake rubuta shi?

Laminu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ya gama lisans ɗin aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a 2021, da maki 13,2 bisa 20. Ya yi shekara uku da wata ƙungiyar manoman aya da wake a yankin Madarunfa. Yanzu yana ta tura takardu wa ƙungiyoyin agaji a Kano da Katsina, shiru kake ji. Waɗanda suka san hanyar nan, ina ne matsalar take?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Laminu, ban ga takardar ba, amma na san inda irinta ke tuntuɓe. Mai tace takardu a Kano bai san tsarin Faransanci ba, kuma ba zai tsaya bincike ba, tulin takardu ne a gabansa. In ya ga `Licence`, tunaninsa lasisin tuƙi. In ya ga `Baccalauréat`, sai ya ɗauka digirin farko ne, alhali jarrabawar gama lise ce. `Collège` kuma ya zata kwaleji ce ta gaba da sakandare. Ka ga tun layi ukun farko an riga an hargitsa karatun yaro.

Maganin shi ne a bar sunan difloma yadda yake a kan takarda, kada a sake masa suna, sai a ƙara layi ɗaya a ƙasa da ke faɗin matsayinsa da tsawonsa:

```
Licence en Agronomie, 2021
First degree: 3 years, 180 credits, after the Baccalauréat
Université Dan Dicko Dankoulodo, Maradi (public university, Niger Republic)
Grade: 13.2/20, Assez Bien
```

A lura da abu biyu. Waƙafin 13,2 ya koma ɗigo, don haka suke rubuta lamba can. Kuma a cika sunan ƙasa har ƙarshe, in ba haka ba wani zai ɗauka Jihar Neja ce ta Minna.

Sani Tela: Ni dai a ganina a sauƙaƙa musu. A rubuta `B.Sc` kawai. Mu shekara 13 muke yi kafin bak: shida a firamare, huɗu a kolej, uku a lise. A ƙara uku na lisans, 16 ke nan. Su kuma 12 da huɗu na jami'a, 16. To ina bambancin? Makin ma a raba shi da huɗu ya koma bisa 5 yadda suka saba.

Malam Isufu: Sani, lissafinka na shekaru yana da kyau, hujja ce da yaron zai iya kawowa da bakinsa ranar ganawa. Amma a wannan fannin ba ta cika ba, don digirin aikin gona a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne, ba huɗu ba. Kuma wanda ya rubuta `B.Sc`, ranar da aka ce ya kawo takardun asali za a ga wani suna daban. Daga nan ba maganar ƙwarewa ake ba, an koma maganar ko ya yi ƙarya. Tun da aka tona asirin digirin bogi na Kwatano, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024, duk takardar da aka rubuta da Faransanci da ido biyu ake dubanta.

Raba maki kuwa cutar kansa zai yi. 13,2 a raba da huɗu ya ba da 3.3, wanda a ma'auninsu na 5 yana ƙasa da 3.5, wato ya faɗa rukuni na biyu na ƙasa, kuma sanarwar aiki da yawa rukuni na biyu na sama suke nema. Alhali duk wanda ya zauna aji a nan ya san yadda malamanmu ke riƙe maki, 16 sai an tona. Ya bar makinsa yadda yake, ya ƙara ma'aunin a gefe: 10 an wuce, 12 `Assez Bien`, 14 `Bien`, 16 `Très Bien`. In yana cikin na gaba a ajinsu kuma jami'a za ta ba shi shaida a rubuce, matsayin ya fi makin magana, misali na 6 cikin 70.

Mai ikon cewa lisans daidai yake da kaza a Najeriya ita ce Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja. Shaidar CAMES, majalisar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, galibi masu amfani da Faransanci, ba ta wadatar a can, Najeriya ba ta cikin ƙasashenta.

Ummaru: Ni ma abin da nake nema ke nan. Wa ya san yadda ake tura takardu WES, ƙungiyar da ke tantance matsayin takardun karatun ƙasashen waje? Kanada nake so.

Malam Isufu: Ummaru, taka hanya daban ce. A taƙaice, takardar makinka jami'a ce ke aika musu kai tsaye, ba kai ba, kuma sakamakon yana aiki shekara biyar a neman ƙaura Kanada. Mai ɗaukar aiki a Kano ba shaidar WES zai tambaya ba.

Hajiya Rabi: Mu dawo kan wurin aikin, don can ne aka fi asarar mutane. Sunan ƙungiyar manoma ta Madarunfa, balle in gajerun baƙaƙe ne, ba ya gaya wa kowa komai a Kano. Ko NIGELEC da kowane yaro ya sani a nan, can sai an ce kamfanin wutar lantarki ne na ƙasa. Don haka a ƙarƙashin sunan a sa layi guda: wace irin ƙungiya ce, mambobi nawa, ƙauyuka nawa, wa ke ba ta kuɗi. In wata babbar ƙungiyar waje ce ta ɗauki nauyin aikin, sunanta shi ne gadar, shi mai karatu zai gane. Sai dai a rubuta a fili cewa ita ta ba da kuɗi, ba ita ta ɗauke shi aiki ba.

Sunan muƙami ma tarko ne. Na tabbata `Animateur` aka rubuta a takardar shaidar aikinsa. In aka mai da shi `Animator`, an mai da malamin gona mai zanen katun. Haka ya kamata:

```
Animateur (Field Extension Officer), 2021-2024
Farmers' cooperative union, Madarounfa: 900 members, 14 villages
```

Lambobin nan misali ne, ya sa nasa na gaskiya. Sannan ayyukan su zo da adadi: manoma nawa ya horar, buhu nawa aka adana a sito, kuɗi nawa suka bi ta hannunsa. Kuɗin a bar su a sefa a sa kwatankwacin yuro, tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi. In aka juya su naira, bayan wata shida lambar ta tashi daga aiki.

Zainabu: Yaya Laminu, a duba mutanen da ya sa a tuntuɓa. Za a kira shugaban ƙungiya daga Kano da Turanci, shi kuma Faransanci da Hausa yake ji, sai ya kashe waya, a rubuta ba a samu tabbaci ba. A sa `+227` a gaban lamba, a rubuta harshen da mutumin ke ji, a kuma sanar da shi tun kafin kira ya zo. Hausa kaɗai ma ta isa a Kano in an faɗa tun farko. Sai rubutun suna: in fasfo ya ce `Mahamadou`, kada ya koma `Muhammad` a takardar neman aiki don ya yi kama da na can. Harafi ɗaya ya bambanta, sai an nemi rantsuwar kotu.

Laminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya. Shafukan neman aikin suna tilasta a zaɓi rukunin digiri, kuma su nemi shaidar bautar ƙasa. Ba a wucewa sai an cika.

Malam Isufu: Bautar ƙasa ta NYSC ƴan Najeriya ta shafa, shi ba ta hau kansa ba. In akwai gurbin rubutu ya sa `Not applicable, Nigerien citizen`. Rukunin digiri, in akwai `Other` ya zaɓe shi.

Sani Tela: In babu fa, Malam? Wasu shafukan zaɓi huɗu ne kawai. Ni na ce ya danna na biyu na sama ya yi bayani a wasiƙa.

Hajiya Rabi: Ban yarda ba, Sani. Abin da ya danna shi za a riƙe shi da shi, wasiƙar kuwa ba lallai a buɗe ta ba. Gara ya rubuta wa adireshin da ke jikin sanarwar ya tambaya, ya ajiye amsar.

Sani Tela: Kafin su amsa an rufe karɓa, Hajiya.

Laminu: Akwai wadda za a rufe ranar Juma'a. Zan sa ya rubuta musu yau, mu ga ko za su amsa kafin Alhamis.