Ƙiba, jin sanyi da kasala: waɗanda aka taɓa yi wa gwajin tayrod, ku ba mu labari

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bara nake ƙara nauyi, daga kilo 68 na koma 74, kuma cin abincina bai ƙaru ba. Da safe fuskata a kumbure take tashi, zoben hannuna ya daina fita sai da sabulu. Abin da ya fi damuna shi ne sanyi: a zafin watan Afrilu kowa na neman fanka, ni ina jawo mayafi. Wata maƙwabciyata ta ce in je a duba min tayrod, wata ƙwayar jiki da ke gaban wuya. Don Allah wadda ta taɓa yi, ko wanda ya taɓa yi, yaya abin ya faro muku, kuma yaushe ya kamata mutum ya buɗe baki ya ce wa likita a gwada shi?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumussalam 'yata. Ni na daɗe a kan magani, bari in ba ki nawa dalla-dalla. Ƙibar ba ita ta fara ba. Barci ne ya fara, ina zaune a shago ina gyangyaɗi da hantsi. Sai bayan gida ya yi tauri, fatar ƙafata ta bushe ta yi kaushi ko na shafa mai, gashi na bin mataji. Al'adata ta ƙaru sosai. Yarana ne suka ce muryata ta dushe, wai in na kira su a waya kamar yanzu na tashi daga barci. A duk wannan, nauyin da na ƙara bai wuce kilo 5 ba.

Da aka ɗebi jini, takardar ta nuna TSH, wato sinadarin da ke hawa in tayrod ya yi rauni, ya kai 38, alhali iyakar da aka rubuta a gefe 0.4 zuwa 4.0 ce, sannan FT4, sinadarin da tayrod ɗin ke fitarwa, ya yi ƙasa. Likita ya ɗora ni a kan ƙwayar lebotayroksin, ya fara da maikurogiram 50, bayan wata biyu aka sake gwaji ya ƙara zuwa 75, daga baya 100. Kumburin fuska da na ƙafa ne ya fara sauka, sanyin ya tafi, barcin rana ya ragu. Kilo 3 da ɗoriya na sauke, sai sikeli ya tsaya cak. Na koma na yi masa ƙorafi, ya ce Hajiya abin da tayrod ya ɗora miki ya sauka, ragowar tsakaninki da tuwo ne da zaman shago. Na ji haushi a ranar, amma gaskiya ya faɗa.

Kawu Direba: Ai wannan maƙoƙo kenan. A ƙauyenmu da can mata da yawa na da shi, da gishiri mai aidin ya zo ya ragu. Ki duba wuyanki a madubi, ki haɗiye yawu. In babu kumburi to ba shi ba ne, ki dai riƙa sayen gishirin leda.

Anti Nas: Kawu, rabin maganarka daidai ne. Ƙarancin aidin na kawo maƙoƙo, kuma tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya, abin ya taimaka ƙwarai. Amma wuya sumul ba ya wanke mutum. Yawancin matan da nake gani da wannan matsalar babu kumburin komai a wuyansu, kuma akwai masu babban maƙoƙo da jininsu ke nuna tayrod ɗin na aiki lafiya. Sau da yawa garkuwar jikin mutum ce ke cin tayrod ɗin a hankali, cutar da ake kira Hashimoto, kuma wannan gishiri ba ya maganinta.

Maman Biyu, a kan maganar nauyi, tayrod ne ke saita saurin da jiki ke ƙona abinci. In ya yi rauni, kamar an rage wa murhu itace ne, tukunya na kai amma ba ta tafasa. Sai dai yawancin abin da ke hawa kan sikeli ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe, ba kitse zalla ba, shi ya sa ake ganinsa a fatar ido, yatsu da idon sawu. Galibi tsakanin kilo 2 zuwa 5 ne. Wadda ta ƙara kilo 20 kuma babu wata alama tare da shi, da wuya a ce tayrod ne kaɗai.

Don haka ni ba ƙiba kaɗai nake kallo ba, abokan tafiyarta nake nema. In nauyi ya hau ba tare da cin abinci ya canja ba, ga jin sanyi, ga taurin bayan gida, ga kasalar da barci ba ya warewa, ko al'ada ta rikice, kuma abin ya ɗauki watanni, ki nemi gwaji kai tsaye. Naki ya kai. Akwai kuma waɗanda ko alama ɗaya suka gani bai kamata su jira ba: wadda ta haihu cikin shekara ɗaya da ta wuce, wadda ke neman ciki shiru ko take yawan ɓari, wanda aka taɓa yi wa aikin maƙoƙo, wanda uwarsa ko 'yar uwarsa ke da ciwon, da mai ciwon sukari irin na yara. Abin da za ki ce wa likita shi ne a duba miki TSH da FT4. Jini ne kawai daga hannu, ba sai kin yi azumi ba, kuma hoton wuya ba ya maye gurbinsa.

Maman Biyu: Anti, autana yanzu wata goma. Kenan haihuwar na iya zama sila?

Anti Nas: Tana iya zama. Wasu matan tayrod ɗinsu na kumbura bayan haihuwa, ya fara da gudu fiye da kima na ɗan lokaci, sannan ya faɗi ƙasa. Ana yawan ɗora laifin a kan shayarwa da rashin barci har a rasa gane shi. Da yawa yana warwarewa da kansa cikin shekara, wasu kuma ya zauna musu, shi ya sa ake bibiya. Ki gaya wa likita watannin yaron.

Amarya 'Yar Gayu: Ni dai tambayata, wannan ƙwayar da Hajiya ta ce ta sauke mata kilo uku, ana samu a kemis ba takarda? Bikin ƙanwata ya matso, tumbin nan nake so ya tafi.

Hajiya Mai Atamfa: Ke yarinya ki rufa wa kanki asiri. Akwai lokacin da maganin ya ɗan yi min yawa, zuciyata ta riƙa bugawa fat-fat ko ina kwance, hannuna na rawa ba na iya zura zare a allura, ga zufa, ga rashin barci. Ni da nake da ciwon kenan. Ke da tayrod ɗinki ke lafiya, zuciyarki da ƙashinki za ki jawo wa matsala, kuma kina dainawa nauyin zai dawo.

Ummu Yasmin: Ni nawa labarin akasin na Hajiya ne. Na tabbata tayrod ne, na biya kuɗi aka yi gwajin, TSH ya fito 2.1, lafiya ƙalau. Da likitar ta zauna tana yi min tambayoyi sai ga abubuwa biyu. Jinina ya yi ƙasa, shi ke sa ni kasala da jiri. Sannan wani haɗin maganin ciwon jiki da nake saya a ƙulle a leda, ashe akwai dekza a ciki, irin wadda ake sa wa a sha-ka-fashe. Ita ce ta cika min fuska da wuya. Ba ta bari na yanke shi lokaci guda ba, a hankali ta sa na rage. Duk mai zuwa gwaji ta tattara duk abin da take sha ta tafi da shi, har allurar tazarar haihuwa ta faɗa, don ita ma wasu tana ƙara musu nauyi.

Malamin Firamare: Tunda duk mata ke magana, bari namiji ya sa baki, mu ma yana kama mu. Ni a tsakiya na maƙale. TSH ɗina 6.3, FT4 daidai. Likita na farko ya ce kar a fara magani, in dawo bayan wata uku. Na dawo ya zama 5.8. Wani likitan ya ce tunda ina jin gajiya a gwada ƙaramin magani a gani. Nauyina ya haura kilo 95. Har yanzu ban san wanda zan bi ba.

Anti Nas: Malam, a irin naka likitoci kansu ba bakinsu ɗaya ba. Inda aka fi yarda a fara magani shi ne in TSH ya wuce 10, ko FT4 ya faɗi, ko mace na da ciki ko tana nema. Tsakanin 4 da 10 akan duba shekaru, alamomi, da ko akwai shaidar Hashimoto a jini. Kuma ƙiba ita kanta tana ɗan ɗaga TSH, wato mai yiwuwa nauyin ne ya ɗaga lambar, ba lambar ce ta kawo nauyin ba. A irin wannan matakin magani ba kasafai yake sauke kilo ba. In za a gwada don gajiyar, ku yi yarjejeniya da likita a kan wata nawa za a duba ko ya yi amfani.

Yaya Babba: Ina so in ƙara na ƙanwata, don kar wata ta tsaya a TSH kaɗai. Ta zubar da jini sosai wurin haihuwa har aka yi mata ƙari. Bayan nan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, kullum a kwance. An yi TSH aka ce babu komai, muka koma gida muka shiga neman maganin iska. Sai a asibitin koyarwa aka duba FT4 aka ga ya yi ƙasa ƙwarai. Suka ce wata ƙwaya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai ba tayrod umarni, zubar jinin ta lalata, shi ya sa TSH bai hau ba. Sai da suka fara ba ta wani maganin na daban kafin na tayrod.

Hajiya Mai Atamfa: Allah Ya ƙara mata lafiya. Maman Biyu, in an ɗora ki a kan ƙwayar, ki kula da yadda ake sha. Da asuba, ciki babu komai, da ruwa zalla, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin shayi ko koko. Maganin ƙarin jini, na ƙarin ƙashi da farin ruwan nan na gyambon ciki, a ba su tazarar awa huɗu, don suna hana ta shiga jiki. Kar ki sa ran ganin canji a sati ɗaya, sai an yi sati shida zuwa takwas ma ake sake gwaji. Kuma in ciki ya shiga ba a dainawa, ƙari ma ake yi, ki sanar da likita da wuri.

Malamin Firamare: To Hajiya da azumi fa? Wa zai tashi awa ɗaya kafin sahur?

Hajiya Mai Atamfa: Ni ina tashi, in sha, in ɗora girki, kafin ya nuna lokaci ya cika. Wata ƙawata kuma da dare take sha bayan tarawihi, amma sai ta yi awa uku ba ta ci komai ba, ni kuwa ba zan iya wannan ba da azumi.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan je, zan rubuta alamomin a takarda in tafi da ita. Kuɗin gwajin biyun nawa ne yanzu a wajenku? In ya yi min yawa, zan iya fara TSH kaɗai?

Anti Nas: Farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ki tambaya a asibitin gwamnati tukuna. Za ki iya farawa da TSH, in ya fito sama sai a ƙara FT4. Amma in kin zubar da jini da yawa a haihuwar nan, ko nono ya ƙi zuwa, ki yi su tare.