Safar auduga ta ci amanata a sansani

Nafi'u: Jama'a, ku ja kunnen ƙannenku masu shirin zuwa sansanin bautar ƙasa. Na sayi safa shida, mai shagon ya rantse mini auduga ce zalla, mai shan gumi. Jiya muka yi doguwar tafiya cikin but, na dawo dunduniya biyu duk sun yi bororo, na dama ya fashe har ya manne da safar. Yau silifas nake ja. Auduga yaudara ce wallahi. Me zan sa a kwana goman da suka rage?

Sabi'u Funtuwa: Sannu da jiki, amma janye kalmar yaudara. Da kuɗin auduga aka biya wa da yawanmu makaranta. Rigar da ke jikinka ta mece ce? Likkafanin da za a sa mana fa?

Bilya: To Malam Sabi'u, likkafani tafiya ake yi da shi cikin but?

Sabi'u Funtuwa: Ban yi da kai ba, Bilya. Tun da aka rufe masaƙu kuka koma sa roba, shi ya sa kuke raina abin gida.

Auwalu mai gwanjo: Ni tambayata ɗaya, wa ya ce ma auduga ce aka sayar masa? Shekarata tara ina kwance dila a Ƙofar Wambai, rubutun jikin leda ba ya ruɗa ta. Nafi'u, zaro zare ɗaya daga cikin safar, ka kusanta shi da ashana. In ya ci da wuta kamar takarda, ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, roba ce. Ulu kuma warin ƙonannen gashi yake yi, baƙin da ya bari kana murza shi ya rugurguje. Ina kyautata zaton roba aka ba ka, ita ke dafa ƙafa.

Nafi'u: Na gwada yanzu a bayan ɗaki. Warin takarda, toka fara-fara. Bakin safar ne kawai ya narke.

Auwalu mai gwanjo: Bakin dole ya narke, zaren roba ne mai talewa. To auduga ce ke nan, na sha mamaki.

Sabi'u Funtuwa: Ta waje ce. Ba irin tamu ba ce.

Baba Saja: Yaro, kafin su gama faɗan auduga, amsa mini. Lambar takalminka nawa, but ɗin nawa? Ka taɓa sa shi kafin ranar tafiyar? Bororon a bayan dunduniya yake ko a tafin ƙafa?

Nafi'u: Baba, 42 nake sawa, na zaɓi 44 don kada ya matse ni. Sau biyu na sa shi a fareti. A bayan dunduniya yake, daidai inda bakin fatar takalmin ke taɓawa.

Baba Saja: To ga rabin amsarka. Takalmin da ya fi ka da lamba biyu, duk taku dunduniyarka sai ta ɗaga ta sauka a ciki. Mutane suna zaton zafi ne ke ƙona fata. Abin da ke faruwa shi ne fatar waje ta kama safa ta tsaya, ƙashin da ke ciki ya motsa, sai naman fatar ya riƙa jan juna. A yi haka sau dubbai, sai ta rabu daga ciki, ruwa ya cika wurin. Busasshiyar fata sulɓewa take yi a kan safa. Fata mai danshi kamawa take yi, kamar yadda kake lasar yatsa in za ka ƙirga kuɗi. Nan laifin auduga yake. Tana shan gumi da gaske, mai shagon bai yi ƙarya ba, amma ba ta sakinsa. In ta jiƙe sai ta kwanta ta rasa taushinta, ta tattare ta yi ninki a dunduniya, kuma cikin but babu iskar da za ta busar da ita. Mu a daji biyu muke sawa: siririyar nailan mai kama ƙafa a ciki, mai kauri ta ulu a sama. Gugar sai ta koma tsakanin safa da safa, fata ta huta. Kai da but ɗinka ya yi yawa, biyun ma za su cike maka gurbin.

Bilya: Ulu? A wannan zafin? Baba, da girmanka, wannan sai Jos lokacin hunturu.

Malam Iliya Kakuri: Bilya, abin rufa kake tunani. Na yi shekaru a masaƙa, a ɗakin gwajin zare, kuma audugar ce ta ciyar da ni, don haka ba gaba nake da ita ba. A ɗaki mai matsakaicin danshi, auduga kan riƙe ruwa kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, nailan kusan 4, foliyesta bai kai ko 1 ba. Ulu kan iya shanye kusan kashi 30 kafin ka taɓa ka ji jiƙa, domin cikin silin yake ɓoye ruwan, bayansa kuma ba ya son ruwa. Ga shi a murɗe yake kamar gashin tunkiyar da ya fito, ko ya jiƙe ba ya kwanciya. Foliyesta kuwa tunda ba ya sha, gumin bin jikin zaren yake yi ya fita waje, shi ya sa in ka wanke ka shanya yake riga kowa bushewa. Wanda ke ƙaiƙayi shi ne ulu mai kaurin sili. Na tumakin marino, irin da ake kiwo a Ostireliya, siriri ne, ba ya suka, kuma akwai mai shara-shara na lokacin zafi. Matsalarsa tsada, da saurin hujewa in ba a gauraya shi da nailan ba.

Sabi'u Funtuwa: Malam Iliya, kai ma? Ka ci gishirin auduga ka zo kana tallar tumakin Turawa.

Malam Iliya Kakuri: Rigata auduga ce, Malam Sabi'u, zanin gadona ma haka. Inda iska ke kaɗawa babu kamarta. Cikin rufaffen takalmi na tafiyar awa uku ake magana.

Zulai: Ni dai maigidana ya koma safar roba bara, sai da na riƙa fitar da takalminsa tsakar gida da dare. Wari kamar an buɗe daddawa. Muka dawo auduga aka samu lafiya. Ku bar yaron mutane da audugarsa.

Bilya: Hajiya, wanka za ki ce ya riƙa yi.

Zulai: Kai Bilya, ka kiyaye ni. Mijina ya girmi babanka.

Malam Iliya Kakuri: Hajiya ta yi gaskiya a kan wari. Foliyesta na riƙe maiƙon jiki, ƙwayoyin da ke kawo wari suna jin daɗinsa, ulu ya fi su duka a nan. Amma maigidanki a ofis yake zaune, shi wannan tafiya yake yi. Kuma roba kala-kala ce. Siririyar nailan mai sheƙi ta cikin sau-ciki daban, safar 'yan gudu mai tudu a dunduniya da tafi daban. Saƙar tana da nata rabon, ba zaren kaɗai ba.

Ustaz Kabiru: Akwai abin da ba ku taɓo ba. Yaron nan alwala yake yi ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa yana sauri kada a busa usur. Da zai yi shafa a kan safar da ya huta.

Sabi'u Funtuwa: Shafa a kan huffi aka sani, na fata. A Malikiyya safar yadi ba ta isa ba.

Ustaz Kabiru: Akwai malaman da suka halatta in tana da kauri tana rufe idon sawu.

Sabi'u Funtuwa: Mu abin da muka karanta a zaure ke nan. Ku 'yan zamani komai sai kun sauƙaƙa.

Ustaz Kabiru: Zamani kuma? Saɓanin ya girmi kakanninmu.

Anti Hadiza nas: Malamai, ku kai wannan zaure, yaro na da ciwo a buɗe. Nafi'u, na daman da ya fashe, wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ka yanke fatar da ta rage, ita ce murfinsa. Rufe shi da bandeji marar mannewa, ka canja kullum. Na hagu in bai dame ka ba, kada ka fasa. Kada ka sa man goge baki ko toka. In ka ga ja yana yaɗuwa, ko ruwan ya koma mugunya, ko zafi na ƙaruwa, ko zazzaɓi, tafi asibitin sansani a ranar, su ba ka hutun but. Mai ciwon suga kuwa ba ya jira ko kwana ɗaya. Kuma maganar Ustaz ta farko daidai ce, ka ajiye ɗan tawul a aljihu, ka goge har tsakanin yatsu bayan alwala.

Baba Saja: In ya warke, ka manna filasta a bayan dunduniyar tun kafin ka fita, a kan busasshiyar fata. Ka ja igiyar but ɗin sosai a wuyan ƙafa don dunduniya ta zauna. Ka riƙe safa ɗaya a aljihu, rabin hanya ka canja. Da ka ji wuri ya fara zafi kamar an ɗora garwashi, tsaya nan take ka rufe shi, kada ka ce sai an isa.

Nafi'u: Baba, a kasuwar sansani babu ulu. Safar 'yan ƙwallo ce kawai da siraran nailan.

Baba Saja: Sayi siririyar ka sa a ciki, ta 'yan ƙwallon a sama. In kuɗi bai kai ba, ɗora audugar taka a kan nailan ɗin, ka riƙa canja ta. Ba ta kai ulu ba, amma ta fi yadda kake.

Auwalu mai gwanjo: Ulu na gaske yana fitowa a dilar hunturu, da arha ma, don ba a nemansa. Sai dai ka duba dunduniyar da haske, in ta yi shara-shara ta gama aiki.

Malam Iliya Kakuri: Kuma kada a wanke shi da ruwan zafi ana cuɗawa, zai tsuke ya koma na yara.

Sabi'u Funtuwa: To, tunda ni ne babba a nan, bari in tattara. An tabbatar takalmin yaro ne ya yi masa yawa. An tabbatar roba na wari, Hajiya shaida ce. Ulu tsada, kuma babu shi a inda yake. Baba Saja da bakinsa ya ce ya ci gaba da sa audugar. Saboda haka auduga ta fita daga zargi, saura Nafi'u ya janye kalmarsa.

Baba Saja: A kan nailan na ce, Sabi'u. A kan nailan.

Nafi'u: Na sayi nailan biyu, na je asibiti sun wanke ciwon. Kalma kuwa ba zan janye ba sai na ga yadda faretin Litinin ya kaya.