Sun ce ƙashin tsufa ne, amma Mma ba ta barci

'Yar Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Mma, shekararta 62, bayanta ke ciwo tun kafin azumi. Da ni da yayana har mun yi faɗa kan kuɗin mota, shi yana Nima, sai waya. Na kai ta wani asibiti nan Kumasi, likita ya rubuta "ciwon baya" a fom, aka ɗauki hoton ƙashi. Sakamako ya ce zaizayar tsufa ce. Amma da dare kuka take yi. In sake hoton a wani wuri?

Baban Asawase: Na'urarsu ce tsohuwa. Ki je a yi MRI kawai, hoton nan na na'urar maganaɗisu da ke nuna cikin jiki dalla-dalla.

Mai ɗaukar hoto a asibiti: Ƙanwata, abin da ke fom ɗin ke nan duka? An taɓa yi mata aiki? Ta rame?

'Yar Aboabo: An cire mata nono ɗaya shekarun baya, amma ta warke. Ta ɗan rame.

Mai ɗaukar hoto: To wannan ya kamata ya zama layin farko. Likitan da ke karanta hoto galibi bai ga Mma ba, fom ne kawai a gabansa. In ya ga "ciwon baya" da shekara 62, zai ga zaizaya, don kusan kowa a shekarunta yana da ita, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Da an rubuta "an yi aikin kansar nono, ciwo a tsakiyar baya wata kaza, yana tsananta da dare, ta rame, ko ta bazu zuwa ƙashi?", da ya bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa yana neman inda ya cinye ko ya lotsa. Ko bai ga komai ba, zai ce a yi MRI, domin hoton ƙashi ba ya nuna ɓarna sai kusan kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙashin wurin ya tafi. Ban ce ita ce ba. Amma ki koma wurin likita cikin makon nan da tsofaffin takardunta, ya rubuta sabon fom da lambar wayarsa.

Hajiya Tafo: Ni ma ƙafar dama ke ciwo aka ɗauki ta hagu, kuɗina ya tafi. Ba sa sauraron mutum!

Baban Asawase: Ai na ce MRI.

Mai ɗaukar hoto: Baba, MRI da fom fayau, ƙugu za a ɗauka alhali ciwon na iya zama sama. Kuma sai an san ko akwai ƙarfe ko na'urar zuciya a jikinta.

'Yar Aboabo: Yaya, likitan bai tambaya ba. Kuma Mma ba ta son a ambaci cutar nan a gabanta, shi ya sa na yi shiru.

Mai ɗaukar hoto: Rubuta a takarda ki miƙa masa. In ƙafafunta suka yi nauyi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ki jira gari ya waye.

'Yar Aboabo: Bari in ji ta bakin yayana tukuna, shi ke biya.