Wai a kan me rediyo mai lamba ke kullewa?

Mai Gyara Sabon Gari: Jama'a, abin nan yana ƙona min rai. Yaran shago duk sun haddace cewa PLL ɗin rediyo mai lamba, wato da'irar da ke daidaita saurin osileta da wani bugun ma'auni, yana kulle ne a kan tasha. Ba haka ba ne, a kan kiristal yake kullewa, bai san ma akwai tasha ba. Wanda ke da ja ya fito.

Malamin Lantarki: Oga, gaskiyarka a ɓangaren tiyuna. Mu ɗauki rediyo mai ayisi LM7001 da kiristal na megahaz 7.2. Ka danna 99.5. Rediyon yana buƙatar osiletarsa ta cikin gida ta yi gudu sama da tashar da megahaz 10.7, wato 110.2. Ayisin zai raba bugun kiristal gida 72, ya samu kilohaz 100 a matsayin ma'auni, sannan ya raba bugun osileta da wata lamba:

```
N = (99.5 + 10.7) / 0.1 = 1102
```

Sai a kai bugun biyu wajen mai gwada taku. In na osileta ya makara, ana ƙara caji a kafasitar filta, boltej ya hau, dayod ɗin barikaf ya rage kafasitans ɗinsa, osileta ta ƙara sauri. In ya riga, a rage cajin. Haka za a yi ta yi har su jera. Ka zare eriya gaba ɗaya, boltej ɗin nan ba zai motsa ba.

Tsohon Ma'aikacin Tiransimita: Malam, "su jera" ɗin nan ce ban yarda da ita ba, haka ma "kulle" da Oga ya ce. Kulle ba ya nufin bugun biyu su faɗi lokaci guda. Abin da yake nufi shi ne tazarar da ke tsakaninsu ta tsaya cak, ta daina ƙaruwa. Mutum biyu na tafiya, ɗaya na gaba da taku uku, in dai ukun nan ba su zama huɗu ba, saurinsu ɗaya ne.

Malamin Lantarki: Baba, a wannan ayisin tazarar kusan sifili ce. Ina kuskurena?

Tsohon Ma'aikacin Tiransimita: Kuskuren shi ne yara za su ɗauka doka ce. Ɗauko ayisin PLL na CD4046 ka sa sigina a ƙafa ta 14, ka haɗa ƙafa ta 4 da ta 3. In ka ɗauki filta daga ƙafa ta 2, a tsakiyar zangon osileta za ka ga tazarar digiri 90 a osiloskof, kuma a kulle yake. Matsar da firikwensin sigina, tazarar ta karkata zuwa 0 ko zuwa 180, tana kaiwa can kulle ya kwance. Mayar da filtar ƙafa ta 13, sai gefunan bugun su haɗu daidai. Ayisi ɗaya, kulle iri biyu. Tazarar nan a ƙafa ta 2 ita ce ke samar da boltej ɗin da ke riƙe osileta, in babu ita babu abin riƙo.

Ɗan Koyo: Ranka ya daɗe, to ni tawa rediyon mota ce, tana neman lambar sirri tun da aka cire batir. Wannan kullen ne?

Mai Gyara Sabon Gari: A'a, wannan na ɓarayi ne, je ka nemi katin motar. Baba kuma, da girmanka, ka ɗauke mu daga magana. Ni kiristal na ce.

Injiniyar Sadarwa: Oga, kai ma ka yi faɗi da yawa. A cikin rediyon nan taka akwai PLL na biyu da ke kulle a kan tasha. Tashar FM mai sitiriyo tana aiko da siririn sauti na kilohaz 19, ayisin sitiriyo ya kama shi ya haifar da kilohaz 38 don raba hagu da dama. Fitilar sitiriyo da ke kamawa shaidar hakan ce. Yaran shagonka ba su yi ƙarya ɗungurungum ba.

Mai Gyara Sabon Gari: Hajiya, ku 'yan jami'a kullum sai kun nemo ƙofar baya. Yaron da na ce ya duba tiyuna ba kilohaz 19 yake nufi ba.

Injiniyar Sadarwa: Me ya kawo jami'a a nan? Allon rediyon ne a gabanka, duba za ka ga ayisin.

Mai Walda Kantin Waya: Ina bayan Oga. Mu da ke riƙe da kan soda mun san ciwon. Rediyo ta nuna 99.5 amma sai shuuu, ka sa mita a layin boltej na barikaf ka yi ta canza tasha daga 88 zuwa 108. Lafiyayye zai riƙa hawa a hankali, wajen bolt 1 ko 2 a ƙasa zuwa 7 ko 8 a sama, gwargwadon tiyunar. In ya maƙale a ƙarshe ɗaya ba ya motsi, kulle ya kwance. Sau da yawa ƙaramar kafasitar da ke kai samfurin osileta zuwa ayisi ce ta tsage ko sodarta ta bushe. Ayisi bai ga bugu ba, ya ɗauka osileta ta yi nawa, ya yi ta tura boltej har ƙarshe. A nan masu gaggawa ke canza ayisi mai lafiya.

Malamin Lantarki: Ƙara da kafasitar filta mai yoyo. Kulle na nan, amma ayisi na ta cike gurbin cajin da ke zuba a kowane bugu. A zangon AM, inda ma'aunin yake kilohaz 9, kana iya jin sa kamar fito siriri a bayan magana.

Tsohon Ma'aikacin Tiransimita: Kun ga? Yoyon nan tazarar taku yake haifarwa, kuma kun ce a kulle yake. Maganata ke nan tun ɗazu.

Injiniyar Sadarwa: Baba, kuma wajen ciro agogo, wato bugun lokaci, daga bayanai ƙafa ta 13 ɗin da kowa ke yabo ba ta da amfani. Tana ƙirga gefuna ne. Bayanai kuwa in sifili biyar suka biyo juna babu gefe ko ɗaya, sai ta ɗauka firikwensi ya sauka ta ja osileta ƙasa. Ana buƙatar mai gwadawa da zai yi shiru in babu gefe, filta ta riƙe boltej har gefe na gaba ya zo. Riƙon ma yana da iyaka, shi ya sa a USB, inda 1 ne ba ya kawo gefe, ake cusa sifili bayan 1 guda shida a jere, layin sadarwa na E1 mai megabit 2.048 a daƙiƙa kuma ba ya barin sifili huɗu su wuce haka nan. A nan babu shakka a kan siginar da ta shigo ake kullewa.

Mai Walda Kantin Waya: Hajiya, wa ya kawo USB shago a gyara masa agogo?

Shugaban Zaure: To a tsaya haka. Abin da na fahimta, Oga ne da gaskiya: kiristal ne uban tafiya, kuma hanyar mita da aka kawo ita ce abin ɗauka. Batun digiri 90 da na USB ilimi ne na aji, mai so ya buɗe masa wani zaren.

Tsohon Ma'aikacin Tiransimita: Shugaba, ba na aji ba ne. Wanda ya ɗauki filta daga ƙafa ta 2 bai san wannan ba, wata rana zai tarar da'irarsa ta kulle a kan ninki uku na siginar, mita kuma tana nuna masa boltej a tsaye lafiya lau.