Yadda zan haɗa layukan da suka karye a rubutun PDF

Na kwafo rubutun wani littafi da aka yi wa sikanin zuwa Word, sai na tarar kowane layi ya zama sakin layi mai zaman kansa, kuma karan ɗori ya raba kalmomin ƙarshen layi, misali "makaran-" da "ta". A akwatin Find and Replace na Word, inda `^p` ke nufin alamar ƙarshen sakin layi, na musanya `^p^p` da `@@`, na share `-^p`, na mayar da `^p` sarari, sannan na dawo da `@@` zuwa `^p`. Layukan sun haɗu, amma kalmomi irin su "wasa-wasa" sun rasa karan ɗorinsu na asali idan suka faɗo a ƙarshen layi. Don Allah, wace hanya ce za ta bambanta karan ɗorin raba kalma da na asali ba tare da na bi shafuka 200 ɗaya bayan ɗaya ba?