Zagaye 10 ba sarki a hannuna, in ninka kuɗi ko in haƙura?

Ɗan Autan Gida: Salamu alaikum. Muna buga karta da abokai, kati 52, kowa a ba shi 5, kuma a wasanmu wanda bai da sarki da wuya ya ci. Bayan kowane zagaye ana tattara katin duka a cakuɗa a sake rabawa. Daren jiya na yi zagaye 10 a jere ko sarki ɗaya ban gani ba. Yau za mu sake zama, kuma zuciyata na ce min in ninka abin da nake zubawa tun daga farko, tunda sarakunan sun daɗe ba su zo ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ta kaya.

Na Bakin Layi: Ninka kawai. Na danna a kalkuleta, mutum ya yi 11 a jere ba sarki bai fi sau 1 cikin 100 ba. Kenan 99 na gefenka.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana, caca haramun ce, ko ka ninka ko kar ka ninka. Tashi daga wurin.

Malamin Lissafi: Hajiya ta faɗi nata, ban ja ba. Amma lissafin Na Bakin Layi ba zan bari ya wuce ba, don da shi ake cinye mutane. Gaskiya ne 11 a jere kusan 1 cikin 100 ne, idan tun kafin a raba zagayen farko ka yi tambayar. Shi kuwa Auta ya riga ya sha 10, sun wuce, ba sauran shakka a kansu. Abin da ya rage zagaye ɗaya ne. Da aka tattara katin aka cakuɗa, sarki 4 ne a cikin 52, kamar yadda suke a zagayen farko. Damar ya sami aƙalla ɗaya a cikin kati 5 kusan 34 ce cikin 100, damar ya sake tashi ba komai kusan 66. Ko ya yi 30 a jere, na 31 haka yake. Babu inda ake rubuta cewa ana bin katin bashin sarki.

Na Bakin Layi: Ni 38 na samu. 4 cikin 52 sau 5.

Malamin Lissafi: Ka ƙirga hannun da ke da sarki biyu sau biyu. 34 ne.

Tsohon Direba: Ku bar batun 34 da 38. Ƙanena, ni na yi abin da kake shirin yi. Wani ne ya koya min, ya ce in ka faɗi ka ninka, ranar da ka ci duk asararka ta dawo har da ɗan ƙari. Kuma da farko ta yi aiki, abin da ya ja ni kenan. In zuba 1, in na faɗi in zuba 2, sai 4, kafin a kai ko'ina na ci, in koma 1. Har na fara ganin sauran 'yan wasan ba su da wayo. Sai wani dare ta ƙi. Na faɗi sau 7 a jere, 127 sun tafi, kuma zagaye na gaba sai na ajiye 128, don in fita da ribar 1 tak. Ba ni da su. Na ranta a wurin wanda ke zaune kusa da ni, don na tabbata a raina ba yadda za a yi ta takwas ma ta ƙi. Ta ƙi. Babur ɗin da nake neman abinci da shi ne ya biya wannan bashin, kuma har yau matata ba ta san ainihin dalilin da na sayar ba. Abin da ya fi min ciwo, a lokacin ban ji kamar caca nake ba. Ji nake haƙƙina nake jira a biya ni.

Ɗan Raha: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma sarakunan Auta wataƙila taro suka tafi, a jira su dawo.

Na Bakin Layi: Direba, kai ƙarancin jari ne ya kayar da kai. Da kana da na zagaye biyu gaba da ka farfaɗo. Kuma Malam, ba ku kuke koyar da cewa in aka daɗe ana rabawa abin yana daidaita ba? To ta yaya zai daidaita in ba a rama wa mutum ba?

Malamin Lissafi: Yana daidaita, amma ba ta ramuwa ba. A ce Auta ya ƙara buga zagaye 1,000. Abin da ake sa rai shi ne ya ga sarki a kusan 341. Haɗa da 10 na jiya, 341 cikin 1,010 kenan, har yanzu kusan 34 cikin 100. Ba a ƙara masa ko ɗaya ba, goman ne suka nitse cikin yawa, kamar ɗigon tawada a randa. Batun jari kuma, a gidan cacar Monte Carlo a 1913 ƙwallon rulet, cacar da ake zuba kuɗi a kan ja ko baƙi, ta faɗa baƙi sau 26 a jere, masu kuɗi suna ta zubawa a ja suna cewa yanzu kam dole. Fara da 1 ka yi ta ninkawa har sau 26 ka ga ko akwai aljihun da zai ɗauka.

Mai Ido Huɗu: Malam, ka taɓa riƙe kati kuwa? Ni na daɗe ina bugawa, kuma ina ƙirga abin da ya fita. In ƙananan kati suka yi ta fitowa, manya na nan tafe, na ci da wannan ba sau ɗaya ba.

Malamin Lissafi: Naka daidai ne idan ba a cakuɗa ba. A ce kati 20 sun fita, ka gan su da idonka, ba sarki. Saura 32 da sarki 4 a ciki, damar kati 5 na gaba ta tashi zuwa kusan 51 cikin 100. A kan wannan masanin lissafi Edward Thorp ya gina ƙirgen kati a wasan caca na blackjack a 1962, shi ya sa gidajen caca suka koma haɗa kati da yawa da yawan cakuɗawa. Amma sai katin da ka gani. Wanda aka kife ba ka san shi ba, yana iya zama sarkin. Kuma da zarar an tattara an cakuɗa, ƙirgenka ya goge. Auta ya ce kowane zagaye suke cakuɗawa.

Tsohon Direba: Wanda ya ci yana ba da shawara, wanda bai taɓa bugawa ba yana ba da shawara. Ni da na rasa babur ba wanda ya saurara.

Mai Ido Huɗu: Rasa babur ba ya mai da mutum gwani, Yaya, ka yi haƙuri. Ni tambayata ga Auta ita ce wa ke rabawa? Na taɓa zama da wani mai ajiye manyan kati a ƙasa yana zaro wa abokinsa. In mutum ɗaya ne ke cakuɗawa kullum, ba wanda ke yankawa, duk lissafin Malam bai shafe ka ba.

Malamin Lissafi: Zagaye 10 ba su isa a zargi kowa ba. Cikin 'yan wasa 65 da suka buga 10, ana sa ran ɗaya zai gamu da haka ba tare da maguɗi ba. Amma ko maguɗin ne, dalili ne na rage kuɗi.

Ɗan Autan Gida: Mai gidan da muke zama ne ke rabawa, kuma ba ma yankawa. Amma abokina ne tun muna yara.

Uwar Biyu: Abokai ai su ne. Ƙanin mijina haka ya karɓi kuɗi a hannuna, wai sa'arsa ta kusa juyowa, abokinsa ne ma ya tsaya masa. Yanzu in na kira wannan sai ya ce in tambayi wancan. Don Allah wanda ya san yadda ake karɓo bashi a hannun dangin miji ba tare da an ɓata ba ya taimaka min.

Ɗan Raha: Ki ninka masa, Anti, in ji Na Bakin Layi.