Rage gudun ruwa yana ƙara wa allon dafa ruwa da hasken rana inganci?

Mai Walda: Jama'a, allona murabba'in mita 2 ne. Da lita 2 a minti, ruwa yana shiga da digiri 30 ya fito da 38 kacal. Da na matse famfo zuwa rubu'in lita, sai ya fito da 75. Na ce ingancinsa ya ƙaru. Wa zai musa?

Injiniya: Ni zan musa, Malam. Zafin ruwa kaɗai kake kallo, ka manta da yawansa. Zafin da ruwa ya ɗauka, wato Qu, shi ne:

`Qu = m × cp × (To − Ti)`

A nan m kilon ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ne, Ti zafinsa a shiga, To a fita. Lita guda kusan kilo guda ce, cp kuwa, wato zafin da kilo guda na ruwa ke buƙata don ya hau digiri ɗaya, wajen 4180 ne. Lita 2 a minti da ƙarin digiri 8 sun ba ka wat 1115. Rubu'in lita da ƙarin digiri 45, wat 784 ne. A ce ranar da ke dukan fuskar allon wat 800 ce a kowane murabba'in mita, wato 1600 gaba ɗaya. Ingancinka ya sauko daga kashi 70 cikin ɗari zuwa 49.

Baƙo: Ba batir ɗinsa ne ya yi sanyi ba?

Injiniya: Babu batir a nan, ɗan'uwa. Baƙin faranti ne da bututu a ƙarƙashin gilashi.

Mai Walda: To ina sauran zafin ya tafi? Rana dai ɗaya ce.

Injiniya: Iska ta kwashe, galibi ta gilashin sama.

`Qu = A × [G(τα) − UL(Tp − Ta)]`

A faɗin allo ne, G ƙarfin rana, Tp zafin faranti. Mu ɗauka τα, kason ranar da faranti ke sha, 0.8 ne; UL, asarar wat a kowane murabba'in mita kan kowane digiri da faranti ya fi iska zafi, 6; Ta, zafin iska, digiri 30. Faranti yana shan wat 640 a kowane murabba'in mita. In yana digiri 40, asararsa 60 ce. Ka matse famfo ya hau 70, asara ta koma 240. Taɓa gilashin da bayan hannunka a lokutan biyu, za ka ji bambanci. In ka rufe famfon ruf, farantin zai wuce digiri 100, amma ko wat ɗaya ba ka samu ba.

Ɗaliba: Amma yallaɓai, lissafin da aka koya mana da Ti ake yi, kuma Ti bai canja ba. Ai ke nan Qu bai kamata ya canja ba.

Injiniya: Ti bai canja ba, gaskiyarki, amma akwai FR a gaban wancan lissafin, wato ma'aunin yadda ruwa ke kwashe zafi daga faranti, shi kuma yana raguwa in gudun ruwa ya ragu.

Mai Walda: Na ji lissafi. Amma me zan yi da ruwan digiri 38? Ni mai zafi nake so.

Ɗaliba: A bar shi yana zagayawa ta tanki mana, ya yi zafi a hankali.

Mai Walda: Da tankin ya kai 60, da 60 zai riƙa shiga allon, asarar ta dawo. Sai an lissafa mini na wuni guda kafin in yarda.